Daga Saƙon Godiya Zuwa Talla: Nazarin Neman Shedar Masu Saye da Sharaɗin Izini a Kasuwancin Mata ta Waya a Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda mata masu sana'ar cikin gida a Kano suke karɓar yabo daga masu sayen kayansu ta WhatsApp, sannan su wallafa shi a matsayin talla. Manufarta ita ce fayyace matakan da ya kamata yabo ya bi kafin ya halatta a wallafa shi. An yi nazarin ne ta hanyar auna dokokin Nijeriya da suka shafi lamarin da ɗabi'un kunya da kara na Bahaushe, tare da warware misali guda dalla-dalla. Maƙalar ta gano cewa "ba komai" da mai saye kan faɗa idan an nemi izininta bai isa zama hujjar yarda ba, sai in an sauƙaƙa mata hanyar ƙi, kuma an nuna mata ainihin abin da za a wallafa.

1.0 Gabatarwa

Mai sayen turare ko dilka ko yajin daddawa ta waya ba ta da damar shinshinawa ko ɗanɗanawa kafin ta tura kuɗi. Abin da take gani hoto ne kawai, kuma hoto ba ya nuna ko ƙamshi zai daɗe. Saboda haka masu sana'a suka dogara da shedar waɗanda suka riga suka saya. A wannan maƙala, shedar mai saye na nufin duk bayanin da wadda ta yi amfani da kaya ta bayar a kansu, a rubuce ko da murya ko a bidiyo, wanda mai sana'a ta nuna wa jama'a domin jawo ciniki.

Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce ɗaukar hoton hira daga fuskar waya a ɗora shi a Status. Sau da yawa hoton yakan fito da sunan mai saye da lambar wayarta da hoton fuskarta, kuma ita ba ta san an yi ba sai wata ta gani ta faɗa mata. Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: wane irin izini ne yake mayar da maganar da aka yi tsakanin mutum biyu ta zama abin da ya dace jama'a su karanta?

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Masana tattalin arziki sun riga sun bayyana dalilin da ya sa sheda take da daraja. Nelson (1970) ya bambanta kayan da ake iya tantance ingancinsu kafin a saya da waɗanda sai an yi amfani da su ake sanin ingancinsu. Akerlof (1970) ya nuna cewa idan mai saye ba ya iya bambance mai kyau da maras kyau, kasuwa takan lalace har masu kaya nagari su janye. Cialdini (1984) kuwa ya yi bayanin cewa mutum yakan dubi abin da ire-irensa suka yi ya bi, musamman idan yana cikin kokwanto. Waɗannan ayyuka sun bayyana amfanin sheda ga mai sayarwa da sabon mai saye, amma ba su tsaya a kan haƙƙin wanda ya bayar da ita ba.

A ɓangaren ƙasar Hausa, Hill (1969) ta yi nazarin cinikin da matan kulle suke yi daga cikin gidajensu, Schildkrout kuma ta nuna rawar da yara 'yan talla suka taka a Kano wajen haɗa waɗannan mata da masu saye. A wancan tsari, labarin ingancin kaya yakan bi baki ne, a gidan biki ko suna, kuma mai yabon ita take zaɓar wadda za ta faɗa wa. Smith (1957) ya yi nazarin roƙo, inda yabo yake fitowa daga maroƙi a bainar jama'a bisa tsammanin kyauta. Shedar mai saye ta sha bamban da wannan, domin ƙarfinta yana cikin zaton cewa ba don lada aka yi ta ba. Kirk-Greene (1974) ya lissafa amana da kunya cikin siffofin mutumin kirki a wajen Bahaushe, kuma su biyun ne suka fi shafar wannan batu.

Ra'in da aka ɗora nazarin a kansa shi ne na Nissenbaum (2010), wadda ta nuna cewa kowane bayani yana tafe da ƙa'idojin muhallin da aka faɗe shi. Keta sirri, a ganinta, yakan faru ne idan aka ɗauke bayani daga muhallinsa aka kai shi wani inda ƙa'idojin suka bambanta, ko da bayanin ba abin kunya ba ne. Giɓin da wannan maƙala take son cikewa shi ne haɗa wannan ra'i da halin da kara take jefa mai saye a ciki.

3.0 Hanyar Gudanar da Nazari

An bi hanyar sharhi ne, ba ta ƙididdiga ba. Da farko an duba tanade-tanaden dokoki biyu: Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023, da Dokar Gasa da Kare Masu Saye ta Tarayya ta 2018. Na biyu, an auna waɗannan tanade-tanade da yadda ake roƙo da amsawa a mu'amalar Hausawa. Na uku, an gina misali guda na mai sayar da turaren wuta da wata amarya, aka bi shi daga saye har zuwa janye izini. Misalin ƙirƙirarre ne domin bayani, ba ya nufin wata mace ta musamman. An zaɓi turare ne saboda yana cikin kayan da ba a sanin ingancinsu sai an gwada, kuma maganarsa takan taɓo zaman aure.

4.0 Nazari

4.1 Lokacin Tambaya da Irin Tambaya

Kuskuren farko yakan faru ne a lokaci. Saƙon da mai saye ta aiko ranar da kaya suka iso, kamar "Na gani, Allah ya saka da alheri", shedar isar kaya ce kawai. Ba ta ce komai a kan inganci ba, kuma wallafa ta a matsayin yabon kaya ruɗarwa ce. Lokacin tambaya yana bin yanayin kayan. Abinci ana iya tambaya a ranar. Ɗinki sai an sa shi an fita. Atamfa sai an wanke ta an ga ko ta zuba. Turaren wuta yana buƙatar a turara shi sau da dama, wato mako ɗaya zuwa biyu.

Kuskure na biyu yana cikin tambayar kanta. Idan aka ce "Ya kika ga kayan?", amsar da za a samu ita ce "Sun yi kyau sosai", domin ladabi ba ya barin a faɗi wani abu daban. Irin wannan amsa ba ta ƙara wa sabon mai saye ilimi. Tambayoyi uku sun fi haifar da sheda mai nauyi: me kika yi amfani da shi kafin wannan, wane bambanci kika gani, kuma me kike so a gyara? Tambaya ta uku ita ce take nuna wa mai saye cewa gaskiya ake nema, kuma ita ce take hana mai sana'a yaudarar kanta. Bai dace mai sana'a ta rubuta yabon da kanta ta tura a ce "amince kawai" ba, domin kalmomin sun zama nata.

4.2 Izini da Matsalar Kara

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin 'yan ƙasa, har da wasiƙunsu da maganganunsu na waya. Dokar 2023 ta fayyace abin a aikace. Suna da lambar waya da hoto da murya duk bayanai ne da ake iya gane mutum da su. Dokar ta keɓe amfanin da mutum yake yi da bayanai don harkar gidansa kawai, amma talla ba ta shiga wannan rukuni ba, ko da daga cikin ɗaki ake yin ta. Sashe na 26 ya ɗora nauyin tabbatar da samun izini a kan wanda ya yi amfani da bayanin, ya kuma bayyana cewa shiru ba izini ba ne. Izinin yana iya zama a rubuce ko da baki ko ta na'ura, amma dole a nemi shi da harshe mai sauƙi, a kuma sanar da mutum tun farko cewa yana da ikon janyewa. Sashe na 35 ya ce janyewar ta kasance da sauƙi kamar bayarwar. Dokar 2018 kuma ta hana wallafa shedar wani a kan kaya sai in shi ne ya riga ya bayar da ita, ko ya amince da ita a rubuce kafin a wallafa, kuma abin da aka wallafa ya dace da abin da ya faɗa.

A nan ne al'ada take shigowa. Bahaushe yakan ɗauki shiru a matsayin amsa a wurare da yawa, kuma kara takan hana mutum cewa a'a ga wanda ya girme shi ko ya taɓa yi masa alheri. Mai sana'ar cikin gida kuwa yawancin masu sayenta ba baƙi ba ne: 'yan uwa ne, da maƙwabta, da abokan karatun Islamiyya, da waɗanda take bai wa bashi. Yarinyar da take kiran mai sana'a "Anti", kuma akwai ragowar kuɗi a kanta, da wuya ta ƙi idan aka ce "Zan sa a Status ɗina, kin yarda ko?" Za ta ce "Ba komai, Anti", alhali akwai komai. A zahiri an samu amsa, amma ba a samu zaɓi ba.

Ana iya gane izinin kara da alamomi kaɗan. Amsar takan zo a makare kuma a gajarce. Takan zo da sharaɗin da aka sassauta, kamar "To, amma dai kada a ga sunana in da hali." Wani lokaci sai a ce "Bari na tambayi maigida", daga nan ba a sake tayar da maganar ba. Duk waɗannan ƙi ne cikin ladabi, kuma ya kamata a ɗauke su haka.

Maganin yana cikin tsarin roƙon. Na farko, a raba neman ra'ayi da neman izini, kada su zo a saƙo ɗaya. Na biyu, a yi roƙon a rubuce, domin ƙi a rubuce ya fi sauƙi a kan ƙi ido da ido. Na uku, a ba da zaɓi mai lamba wanda "kada a wallafa" yake cikinsa, ta yadda mai saye za ta iya ƙi da tura lamba ɗaya ba tare da neman uzuri ba. Na huɗu, kada a nemi izini daga wadda ake bin ta bashi sai ta gama biya. Na biyar, idan ba a amsa ba, kada a sake tambaya.

4.3 Iyakar Gyara

Bayan izini sai gyara. Ya halatta a gyara kuskuren rubutu, a cire gaisuwa, a taƙaita. Bai halatta a ƙara kalmar da ba a faɗa ba, ko a haɗa maganar mutum biyu a mayar ta ɗaya, ko a ɗora yabon wani kaya a kan wani, ko a yanke suka ta yadda ma'ana za ta juya. Ma'aunin mai sauƙi ne: idan mai maganar ta karanta, za ta ce "haka na faɗa"?

Akwai kuma ɓangaren na'ura. Shafe suna a hoton hira da alƙalamin haskaka rubutu ba ya ɓoye shi sosai, domin launinsa shara-shara ne, kuma ƙara hasken hoton yana iya fito da abin da ke ƙasa. Yanke saman hoton ya fi aminci, sake rubuta maganar a kan sabon shafi kuma ya fi duka, muddin an adana asalin. Saƙon murya ba ya ɓoyuwa ko da an cire suna, domin dangi da maƙwabta sun san muryar. Haka nan Status yakan ɓace bayan awa 24, amma abin da aka ajiye a Highlights na Instagram yana nan har sai an cire shi. Izinin da aka bayar don na farko bai ƙunshi na biyu ba.

4.4 Misali: Mai Turare da Amarya

Wata amarya ta sayi turaren wuta da humra a wajen wata mai sana'a. Bayan kwana goma mai sana'ar ta tura mata tambayoyin nan uku, sai ta amsa:

"Salam Anti. Wallahi turaren nan ya yi. Na turara ɗaki da safe, har bayan isha'i ƙamshin bai fita ba. Kuma bai tayar mini da asma kamar wanda nake saya a da ba. Ango ma cewa ya yi kada na sake canzawa. Humrar ce dai ta ɗan yi mini ƙarfi."

Saƙon yana ɗauke da abubuwa huɗu, kuma kowanne hukuncinsa daban. Maganar daɗewar ƙamshi ita ce ainihin shedar, domin ta ambaci lokaci, abin da sabon mai saye zai iya gwadawa. Maganar asma tana da matsala biyu. Bayanin lafiya yana cikin rukunin da Dokar 2023 ta ware a matsayin masu tsananin sirri, tare da addini da ƙabila da rayuwar jima'i. Sannan wallafa ta zai sa masu asma su zaci turaren ba zai cutar da su ba, alhali hayaƙi ne, kuma abin da bai tayar wa wata ba yana iya tayar wa wata. Maganar ango an faɗe ta ne tsakanin mace da mace, kuma ta shafi mutum na uku da ba a tambaya ba. Sukar humra kuwa, idan tallar ta turaren wuta ce kaɗai, ana iya barin ta. Idan kuma tallar ta haɗa kayan biyu, cire ta ha'inci ne.

Washegari mai sana'ar ta tura saƙo na daban:

"Ƙanwata, na gode da bayaninki, kuma zan rage ƙarfin humrar a haɗi na gaba. Ina so na nuna wa masu saye wannan magana taki kawai: 'Na turara ɗaki da safe, har bayan isha'i ƙamshin bai fita ba.' Zan sa a Status da shafina na Instagram, ba hoto, ba lamba. Ki turo lamba ɗaya: 1, a sa sunana, 2, a ce wata mai saye daga Kano, 3, kada a sa. Duk wadda kika zaɓa daidai ne, cinikinmu yana nan yadda yake. In kin yarda, duk ranar da kika ce a cire zan cire."

Amaryar ta zaɓi lamba 2. Mai sana'ar ta haɗa rubutun a kan hoton kwalbar turaren, ta tura mata ta gani kafin ta wallafa. Sannan ta rubuta abu biyar a littafinta: ranar izini, kalmomin da aka amince da su, wuraren da za a sa, yadda za a ambaci mai maganar, da inda aka adana hoton amsar. Wannan rubutu shi ne hujjarta idan aka yi musu. Da amaryar za ta dawo bayan wata biyu ta ce a cire, sai a cire daga ko'ina a ranar, ba tare da tambayar dalili ba, a kuma rubuta ranar cirewa.

Misalin ya nuna cewa daga jimloli shida, ɗaya ce ta fita, kuma ita ce mafi amfani ga ciniki. Kare mai saye da ƙarfin talla ba su ci karo ba a nan.

4.5 Kyauta, Ƙarya da Iyakokin Tsarin

Wasu masu sana'a sukan yi ragi ga wadda ta aiko da sheda. Idan ragin ya rataya a kan yabo, an sayi maganar ke nan. Hukumar Ciniki ta Tarayya a Amurka ta fitar da ƙa'ida a 2024 da ta hana shedar bogi da biyan lada bisa sharaɗin a yi yabo. Ƙa'idar ba ta aiki a Nijeriya, amma hikimarta tana da amfani: in za a yi kyauta, a yi wa duk wadda ta bayar da ra'ayi ko da suka ne, a kuma faɗa a cikin tallar. Ƙirƙirar hira da waya biyu, ko sa 'yar uwa ta yi kamar baƙuwa, ya yi kama da najashi da shari'ar Musulunci ta hana, wato mutum ya nuna sha'awar kaya ta ƙarya domin ya ruɗi mai saye na gaskiya. Shedar bogi takan tona kanta: salon rubutu iri ɗaya, yabo ba tare da bayani ba, kuma babu ko da suka guda.

Tsarin yana da iyaka uku. Izinin mai saye ba ya halatta da'awar magani: idan kayan na gargajiya ne ko na shafawa, tallarsu tana ƙarƙashin ikon hukumar NAFDAC, kuma cewa "wata ce ta faɗa" ba ya sauke nauyi daga mai wallafawa. Hoton yaro, kamar a tallar ɗinkin sallah, yana buƙatar izinin iyaye ko mai riƙo. Sannan janye izini ba ya dawo da abin da wasu suka riga suka ɗauka a wayoyinsu. Saboda wannan iyaka ta ƙarshe, rage bayanan da za su fita tun farko ya fi alƙawarin cirewa muhimmanci.

5.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa yabon da mai saye ta aiko amana ce a hannun mai sana'a har sai an cika sharuɗɗa huɗu: an tambaya bayan an yi amfani da kaya, an nemi izini ta hanyar da ƙi yake da sauƙi, an nuna ainihin kalmomin da wurin da za su fita, an kuma adana hujja tare da buɗe ƙofar janyewa. Ana ba da shawarar cewa ƙungiyoyin mata masu sana'a da cibiyoyin koyar da sana'o'i su sanya samfurin saƙon neman izini cikin darussansu, kuma Hukumar Kare Bayanai ta Nijeriya ta samar da taƙaitaccen jagora da Hausa domin ƙananan 'yan kasuwa. Akwai buƙatar bincike na fili da zai tambayi masu saye su kansu, a gano yawan waɗanda aka wallafa maganarsu ba da saninsu ba, da kuma ko zaɓi mai lamba yana ƙara yawan masu iya cewa a'a.